Saƙon da Bai Iso Ba: Batir, Barcin Waya da Sanarwar Manhaja

 Yau za mu tattauna ne a kan wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a tsakanin masu wayar Android: an turo maka saƙo ta manhaja, wayarka tana aljihu, akwai data, akwai caji, amma ba ta yi ƙara ba, sai da ka buɗe manhajar da hannunka ka tarar saƙon ya daɗe yana jiranka. Rabin farko na shirin na kowa da kowa ne. Rabi na biyu zan fuskanci matasanmu masu gina manhaja, domin su ne ƙorafin yake faɗa wa a ka, kuma akwai abubuwan da ke hannunsu.

Mu fara da hanyar da sanarwa take bi kafin ta bayyana a fuskar waya. Mutane da yawa suna zaton manhajar da ke wayarsu ce take zaune tana sauraron kamfaninta dare da rana. Ba haka abin yake ba. Da kowace manhaja za ta riƙe layinta na kanta a buɗe, da batir bai kai azahar ba. Abin da aka yi shi ne, a wayar Android mai ɗauke da kayan Google, layi guda ɗaya ne tak yake a buɗe tsakanin wayar da sabar Google, kuma manhajar Google Play services ce take riƙe da shi. Sunan wannan tsari Firebase Cloud Messaging, a taƙaice FCM. Kamfanin da ke son sanar da kai wani abu yana miƙa saƙon ga FCM tare da wata doguwar lambar shaida ta manhajarsa a wayarka. FCM ya zuro saƙon ta wannan layi guda. Daga nan Google Play services ta tashi manhajar da aka yi wa aiken, ita kuma manhajar ta nuna maka sanarwa. A wannan mataki na ƙarshe, wato tashin manhajar, nan ne tsimin batir yake sa hannu.

Tsimin batir kala biyu ne, kuma rashin bambance su shi ne yake sa masu gina manhaja su yi ta magani a inda babu ciwo. Akwai wanda Google da kansa ya saka a cikin Android. Akwai kuma wanda kamfanonin ƙera waya suke ƙarawa a kai.

Na Google ya fara ne da Android 6.0 a shekarar 2015, da wani tsari mai suna Doze. Idan ka ajiye waya, fuskarta a kashe, ba ta jone da caji, kuma ba a motsa ta na wani lokaci, sai ta shiga barci. A cikin wannan barci ana tsinke wa manhajoji hanyar intanet, ana ɗage ayyukan da suka tsara yi. Lokaci-lokaci wayar takan farka na ɗan taƙaitaccen lokaci, manhajoji su yi abin da ya taru, ta sake komawa. Gwargwadon daɗewar ajiyar, gwargwadon nisan da ke tsakanin farkawa da farkawa. Android 7 ta ƙara wani barcin mai sauƙi da yake kama wayar ko da tana aljihu kana tafiya. Sannan a Android 9, a 2018, aka fara jera manhajoji aji-aji gwargwadon yawan amfanin da mai waya yake yi da su. Wadda kake buɗewa kullum tana sama, wadda ka kwana biyu ba ka taɓa ba tana ƙasa, kuma ta ƙasa an fi takura mata.

Duk da haka, Google ya bar ƙofa. Saƙon FCM yana da daraja iri biyu, ta yau da kullum da kuma ta gaggawa. Na yau da kullum, idan ya tarar waya tana barci, ana iya riƙe shi har sai ta farka. Na gaggawa kuwa yana da izinin tashin wayar nan take, a kuma ba manhajar ɗan lokaci kaɗan ta yi aikinta. Don haka barcin Doze matsala ce mai magani a rubuce.

Tsimin batir na biyun, wato na kamfanonin ƙera waya, shi ne mai wuyar. Kamfanoni irin su Xiaomi, Oppo, Vivo, Huawei da Samsung, da kuma Tecno, Infinix da itel waɗanda kamfanin Transsion yake ƙerawa kuma suka cika kasuwanninmu, kowanne yana da nasa ƙarin tsarin kula da batir. Ba don mugunta suke yi ba. A cikin ƙasar Sin kayan Google ba sa aiki, saboda haka babu wancan layi guda da kowa yake bi, manhajoji da yawa suka koma ƙoƙarin zama a farke ta bayan fage, masu ƙera waya kuma suka koyi kashe su ba sani ba sabo. Wannan ɗabi'a ta biyo wayoyin zuwa sauran duniya. Mu ma a nan, inda mutum zai iya wuni babu wuta sai ya kai waya shagon caji, batir mai daɗewa shi ne abin da mai saye yake fara tambaya. Amma abin yana da farashi, kuma sanarwa ce take biya.

Ku saurari wannan da kyau, domin shi ne zuciyar shirin. A cikin saitin kowace wayar Android, idan ka shiga bayanin manhaja, za ka ga wani maɓalli an rubuta Force stop. Idan aka danna shi, manhajar tana shiga wani hali na tsayawa cak. Tun daga Android 3.1 doka ce cewa manhajar da ke wannan hali ba a isar mata da irin kiran da FCM yake amfani da shi, har sai mai waya ya buɗe ta da hannunsa. A Android na asali, idan ka share manhaja daga jerin waɗanda ka buɗe kwanan nan, ba ta shiga wannan hali, sanarwa tana ci gaba da zuwa. Amma a wasu wayoyin, wannan sharewar da muke yi da yatsa, ko danna alamar tsintsiya don a tsabtace waya, daidai take da danna Force stop. A wasu kuma akwai jerin manhajojin da aka yarda su tashi da kansu, kamar Autostart a wayoyin Xiaomi, kuma sabuwar manhaja ba lallai ne ta samu kanta a jerin ba. Samsung yana da Sleeping apps da Deep sleeping apps, kuma wadda ta faɗa ta biyun ba ta motsi a bayan fage sai an buɗe ta.

Bambancin kamar na mai gida ne da yake barci a ɗaki, da gidan da aka garƙame da kwaɗo daga waje. Na farko idan ɗan aike ya buga ƙofa da ƙarfi zai tashi. Na biyu ko ya wuni yana bugawa babu mai amsawa, sai ya koma. Saƙon da ya tarar manhaja a tsaye cak ba jiranta yake yi ba, zubar da shi ake yi, ko da an buga masa hatimin gaggawa.

Na san wani zai ce, to me ya sa WhatsApp ɗina yake ƙara a kan lokaci? Dalili shi ne masu ƙera waya da yawa sukan saka manyan manhajojin da kowa ya sani a jerin waɗanda ba a taɓawa tun daga masana'anta, don sun san idan WhatsApp ya daina ƙara wayar za a zaga. Ƙaramar manhajar da wani matashi ya gina a Kano ko Maraɗi ba ta da wannan gata. Idan tata sanarwar ta ɓace, shi za a ce bai iya aiki ba. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma ya kamata masu waya su san haka kafin su yanke wa manhajar gida hukunci.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Yanzu bari mu ɗauki misali guda mu bi shi tiryan-tiryan. A ce wata baiwar Allah ta gina manhajar da ke haɗa gidajen abinci da masu kai saƙo a kan babur. Idan aka yi oda, sanarwa tana zuwa wa direba mafi kusa. Sai ƙorafi ya fara shigowa daga direbobi biyu. Na farko ya ce odar ƙarfe 1:10 ba ta yi masa ƙara ba sai wajen 1:40, lokacin da ya ciro wayar daga aljihu ya kunna fuskarta, sai ga ta. Na biyu ya ce shi sam ba ya ganin sanarwa, sai dai in ya shiga manhajar ya tarar an ba wani odar. Da jin wannan, ta riga ta samu rabin amsar. Sanarwar da take zuwa a makare, musamman da zarar an kunna fuska ko an jona caji, alamar barci ce. Wadda ba ta zuwa ko kaɗan, alamar an kashe manhajar ce, ko an hana ta izini.

Abu na farko da za ta duba shi ne amsar da FCM ya ba sabarta. A nan mutane da yawa suke ruɗuwa. Idan FCM ya amsa da cewa ya karɓa, ma'anarsa ya karɓa kawai, bai ce ya isar ba. Idan kuwa ya amsa da kuskuren UNREGISTERED, to lambar shaidar ta mutu, wataƙila an goge manhajar an sake sakawa, kuma babu ruwan batir a wannan. Sai ta goge tsohuwar lamba, ta tabbatar manhajarta tana aika sabuwa ga sabar duk lokacin da ta canza.

A ce lambobin duka biyu lafiya lau. Sai ta koma kan direba na farko, ta buɗe saƙon da sabarta take aikawa. Ta tarar saƙo ne mai ɗauke da bayanai zalla, wanda manhajar take karɓa ta gina sanarwa da kanta, kuma ba ta ambaci daraja ba. Irin wannan saƙo, idan ba a faɗa ba, ana ɗaukar sa a matsayin na yau da kullum. Ciwon ke nan. Ga yadda gyaran yake a rubuce, zan kuma karanta shi a hankali ga masu alƙalami a hannu:

```
"android": {
  "priority": "high",
  "ttl": "300s"
}
```

Layin `priority` ya mai da shi na gaggawa. Layin `ttl` ya ce idan daƙiƙa 300 suka wuce, wato minti 5, ba a isar ba, a zubar da shi. Idan ba a faɗi wa'adi ba, FCM yana iya ajiye saƙo har kwana 28, kuma babu amfanin direba ya buɗe data da safe ya ji ƙarar odar tuwon daren jiya.

Sai dai akwai sharaɗi a kan hatimin gaggawa, kuma ina roƙon masu gina manhaja su kiyaye shi. An tanade shi ne don saƙon da zai haifar da sanarwar da mutum zai gani da idonsa. Idan kana tashin wayar mutane da saƙon gaggawa kana sabunta bayanai a ɓoye ba tare da nuna komai ba, tsarin yana lura, kuma yana iya sauke darajar saƙonninka zuwa ta yau da kullum. Ranar da za ka aika na gaggawa na gaskiya sai ya makara. Ana iya gane hakan a cikin manhaja ta hanyar kwatanta abin da `getOriginalPriority()` ya bayar da abin da `getPriority()` ya bayar. Idan sun saɓa, an sauke ka.

Akwai wani tarko kusa da wannan. Idan saƙo ya tashi manhaja, 'yan daƙiƙoƙi kawai ake ba ta a cikin `onMessageReceived`. Wasu sukan aika lambar oda kaɗai, manhajar ta ce bari ta je sabar ta ɗauko sunan gidan abincin da hotonsa kafin ta nuna sanarwa. A unguwar da sabis yake rarrafe, lokacin zai ƙare kafin amsa ta dawo, sanarwar ta mutu a ciki. Saƙon FCM yana ɗaukar bayanai har bayit 4096, wanda ya ishi sunan shago, unguwa da kuɗin aike. A zuba su a cikin saƙon, a nuna sanarwa nan take, sauran aikin mai nauyi a miƙa wa WorkManager ya yi daga baya.

Ba sai ta jira waya ta yi barci da kanta ba kafin ta gwada gyaran. Ta jona wayar gwaji da kwamfuta ta buga waɗannan:

```
adb shell dumpsys battery unplug
adb shell dumpsys deviceidle force-idle
```

Na farko yana sa wayar ta ɗauka ba ta kan caji, na biyu yana tura ta cikin barcin Doze. Sai ta aika saƙo na yau da kullum ta ga shiru, ta aika na gaggawa ta ji ƙara. Direba na farko ya samu lafiya.

Na biyu fa? Shi ɗabi'arsa ce da zarar ya gama da manhaja ya share ta daga jeri don ya tsimi caji. Sai ta nemi waya irin tasa, ta buɗe manhajar, ta share ta kamar yadda yake yi, sannan ta buga:

```
adb shell dumpsys package com.misali.oda | grep stopped
```

Idan ta ga `stopped=true`, magana ta ƙare, wayar ta mai da sharewa tsayarwa cak. Idan kuma ta aika saƙo tana kallon logcat, za ta iya ganin layi mai ɗauke da `result=CANCELLED`, wanda ke nuna saƙon ya iso har cikin wayar amma an ƙi miƙa shi. Kafin ta yanke hukunci, ta duba izini ma. Daga Android 13, a 2022, sai manhaja ta roƙi izinin POST_NOTIFICATIONS, kuma wanda ya danna ƙin yarda ba zai ga komai ba ko batir ɗinsa na cike.

A nan sai a faɗi gaskiya: babu wani layi da za ta rubuta a sabarta da zai buɗe wannan kwaɗo. Mabuɗin yana hannun mai waya. Aikinta shi ne ta gano halin da wayar take ciki, ta kuma nuna masa hanya. Android yana ba da kayan aikin ganowa. `isIgnoringBatteryOptimizations` yana faɗa ko an cire manhajar daga tsimin batir na Google. `isBackgroundRestricted` yana faɗa ko an takura mata aiki a bayan fage. Daga Android 11 kuma manhaja tana iya tambayar dalilin mutuwarta ta baya ta hanyar ApplicationExitInfo. Ga kuma `Build.MANUFACTURER` da ke faɗa mata sunan kamfanin da ya ƙera wayar, don ta nuna wa mai Samsung ya saka ta a Never sleeping apps, mai Xiaomi ya kunna mata Autostart, mai Tecno ko Infinix ya duba saitin tashi da kai da kuma manhajar Phone Master. Wuraren nan suna canzawa daga samfuri zuwa samfuri, don haka masu shafin dontkillmyapp.com suke tattara matakan kamfani-kamfani.

Yadda za a yi roƙon yana da muhimmanci. Kada a tare mutum da shafuka biyar na saiti ranar da ya sauke manhaja, zai tsallake su duka. A bari sai ya danna cewa ya fara aiki yau, sannan a ce masa da Hausar da yake ji: wayarka tana iya hana ka jin oda, taɓa nan mu gyara. A saka masa maɓallin gwaji da zai sa sabar ta turo masa sanarwa bayan minti guda, a ce ya share manhajar ya kashe fuska ya jira. Idan ya ji ƙara ya san ya gyara. A kuma sani cewa dokar Google Play ba ta yarda kowace manhaja ta fito da akwatin neman a cire ta daga tsimin batir kai tsaye ba, sai wadda ainihin aikinta zai lalace in ba haka ba. Ga saura, a kai mutum shafin saitin ya zaɓa da kansa.

Ko bayan duk wannan, wasu saƙonnin za su ɓace. Don haka shawarata mafi nauyi ita ce kada a ɗora ran sana'a a kan sanarwa. Odar ta zauna a sabar, duk lokacin da aka buɗe manhaja ta fara ɗauko abin da ya taru. Manhajar kuma ta riƙa mayar wa sabar da amsa cewa saƙo kaza ya iso da ƙarfe kaza, tare da samfurin wayar. Da wannan amsa baiwar Allah za ta iya cewa idan minti 2 suka wuce shiru, a tura wa direban tes ta layin waya, ko a miƙa odar ga na kusa da shi. Tes yana cin kuɗi, amma ba ya bin ta hanyar FCM, kuma ya fi asarar kwastoma sauƙi. Bayan wata guda, waɗannan amsoshin za su nuna mata baro-baro wace irin waya ce take cinye mata saƙo. Ga direban da yake kan aiki kuwa, manhajar tana iya gudanar da aikin da ake gani a fili, mai sanarwa tsayayya a saman waya tana cewa kana kan aiki, wanda yakan rage yiwuwar a kashe ta, ko da yake wasu wayoyin ba sa raga wa ko wannan.

Abin da ba na so a yi shi ne dabarun ɓoye: kunna sautin da ba a ji, ko manhajoji biyu masu tashin juna. Irin wannan ne ya sa masu ƙera waya suka tsananta tun farko, yana shanye batir ɗin talaka, kuma yana iya jawo a cire manhaja daga Google Play.

Masu gina manhaja, kada ku tsaya ga kwaikwayon waya na cikin kwamfuta, domin shi Android na asali yake ɗauke da shi, ba zai taɓa nuna muku wannan matsala ba. Ku nemi irin wayar da jama'arku suke riƙewa, ko ta hannu ce, ku saka manhajarku, ku share ta, ku bar wayar ta kwana, da safe ku aika saƙo. Ku kuma masu waya, idan akwai manhajar da abincinku ko lafiyarku ta dogara da ƙararta, ku shiga saitin batir yau ku cire mata takunkumi, ku daina share ta daga jeri.